Kashi 3 ko kashi 4: wanne bashin ya fi sauƙi?

Nasiru Mai Ƙanƙara

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Ina neman shawararku a kan wani lissafi da ya shige mini duhu. Ina da shagon ƙanƙara da ruwan sanyi a kusa da Tsohuwar Kasuwa, kuma kuɗin man janareta ya kai ga cinye ribar da nake samu, don haka na yanke shawarar in sanya wa firji biyu sola. Abin da ya rage mini in cika kuɗin batir da faifan solar naira 600,000 ne, kuma wurare biyu sun yarda su ba ni bashi na wata 12.

Na farko wani ƙaramin banki ne. Ma'aikacinsu ya ce kashi 3 cikin ɗari ne a wata, ya kira shi filat, ya rubuta mini cewa zan riƙa biyan naira 68,000 kowane wata ba ragi ba ƙari. Na biyu ƙungiyarmu ce ta taimakon juna ta 'yan kasuwa, su kuma sun ce kashi 4 cikin ɗari ne a wata amma a kan ragowar bashi, kuma biyan farko zai kama naira 74,000. Ni a ganina na bankin ya fi sauƙi ta kowace fuska, sai dai sakataren ƙungiyar ya dage cewa nasu ne ya fi arha, ni kuma na ɗauka tallar hajarsa yake yi. Shin akwai yadda za a yi kashi 4 ya fi kashi 3 arha?

Alhaji Haliru

Wa alaikumus salam, Nasiru. Wannan ai ba abin da za a tara mutane a kansa ba ne. Uku bai kai huɗu ba, kuma 68,000 ba ta kai 74,000 ba. Shekara talatin ina kasuwanci ban taɓa ganin inda aka ce mai tsada ya fi mai arha arha ba. Ka karɓi na bankin, ka yi aikinka kafin zafi ya shigo.

Malam Attahiru

Alhaji, Allah ya ƙara girma, amma a nan zan saɓa maka, domin na yi aikin akanta har na yi ritaya, kuma wannan lissafin ya ratsa teburina sau da yawa. Uku ba ta kai huɗu ba, gaskiya ne, sai dai tambayar ita ce kashi 3 na mene ne, kuma kashi 4 na mene ne. Ba a kan kuɗi ɗaya ake ɗora su ba.

Nasiru, ɗauki biro mu bi na bankin tukuna. Su suna ɗora kashi 3 ɗin ne a kan naira 600,000 da ka karɓa ranar farko, wato naira 18,000, kuma wannan 18,000 ɗin ita za ka biya a kowane wata har ƙarshe, ko nawa ka riga ka mayar daga uwar kuɗin. Uwar kuɗin kuwa an raba ta gida 12, kowane wata naira 50,000. Ka haɗa 50,000 da 18,000, ka ga inda 68,000 ɗinka ta fito. A wata 12 kuɗin ruwan ya zama naira 216,000, jimillar abin da zai fita daga aljihunka kuma naira 816,000.

Yanzu na ƙungiyar. Su ma, bisa ga 74,000 da ka ambata, suna karɓar naira 50,000 daga uwar kuɗin kowane wata, amma kashi 4 ɗin nasu yana hawa kan abin da ake binka a wannan watan ne kawai. A watan farko ana binka 600,000, ruwanta 24,000, shi ya sa biyan ya kama 74,000. A wata na biyu saura 550,000 ake binka, ruwanta 22,000, za ka biya 72,000. A na uku 500,000, ruwanta 20,000, za ka biya 70,000. Haka zai riƙa sauka da naira 2,000 kowane wata, har a wata na 12 ya zama 50,000 kaɗai ake binka, ruwanta 2,000, ka biya 52,000 ka huta. Idan ka tara ruwan duka, daga 24,000 har zuwa 2,000, za ka sami naira 156,000, jimillar biya kuma naira 756,000.

Saboda haka sakataren bai yi maka ƙarya ba. Nasu ya fi na bankin sauƙi da naira 60,000 cif. Wata uku na farko ne kawai biyansu ya fi nauyi, a wata na huɗu duka biyun suna haɗuwa a 68,000, daga nan kuma na ƙungiyar yana ta yin ƙasa, na bankin yana tsaye inda yake.

Alhaji Haliru

Malam Attahiru, na bi lissafin da kalkuletar waya kuma ya fita yadda ka ce, ba zan yi gardama da lamba ba. Abin da ban gane ba shi ne inda 60,000 ɗin ta ɓuya, tun da dai bankin bai ɓoye wa yaron komai ba, sun faɗa masa kashi 3, sun faɗa masa 68,000.

Malam Attahiru

Alhaji, ka dubi wata na ƙarshe kawai za ka ga inda ta ɓuya. A wannan watan Nasiru ya riga ya mayar da naira 550,000, abin da ya rage na mutane a hannunsa 50,000 ne, amma bankin zai karɓi 18,000 a matsayin ruwa. Naira 18,000 a kan 50,000 kashi 36 cikin ɗari ne a wata guda. Kashi 3 ɗin da aka faɗa masa gaskiya ne a watan farko kaɗai, lokacin da kuɗin suke hannunsa gaba ɗaya.

Bari in kwatanta da abin da ka sani. Ka ba mutum hayar shaguna 12 a jere, kowane wata yana mayar maka da makullin shago ɗaya, amma kai kana ci gaba da karɓar kuɗin hayar shaguna 12 har watan da shago ɗaya tak ya rage a hannunsa. Ba ka ɓoye masa farashin ba, amma ba za ka ce hayar tana da arha ba don kawai kuɗin kowane shago ya yi ƙasa da na maƙwabcinka, wanda shi yake rage kuɗin haya duk lokacin da aka mayar masa da makulli.

Bashar

Baba Attahiru, a makaranta an koya mana gajeriyar hanya, cewa duk inda ka ga filat sai ka ninka shi biyu ka sami ainihin ruwan. Ke nan kashi 3 na bankin nan kashi 6 ne. Sannan hanya mafi sauƙi ta gane filat ita ce a duba biyan wata-wata: idan adadin ɗaya ne kowane wata, to filat ne, idan yana raguwa, to a kan ragowar bashi ne. Yaya Nasiru, da wannan kaɗai ma ka gama.

Malam Attahiru

Bashar, ɗana, maganarka ta farko ta yi kusa, ta biyun kuwa tana iya kai mutum ga kuskure, don haka bari in ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Ninkawa biyu ƙiyasi ne na tsaye a bakin kanta, kuma kullum yana ɗan wuce gona. Dalilin da ya sa ake faɗin haka shi ne, mai biyan bashi kaɗan-kaɗan yana riƙe da wajen rabin kuɗin ne idan aka daidaita tsawon lokacin. A bashin Nasiru, idan ka tara abin da ake binsa a kowane wata daga 600,000 zuwa 50,000 ka raba gida 12, za ka sami naira 325,000, wato rabi da ɗan ɗoriya. Naira 18,000 a kan 325,000 kuwa kashi 5 da rabi ne da ɗan kai, bai kai 6 ba. Wanda yake da kwamfuta ko manhajar lissafi ta Excel a waya yana iya samun adadin da ya fi wannan daidai idan ya rubuta:

```
=RATE(12,-68000,600000)
```

Zai ba shi wajen 0.0508, wato kashi 5.08 cikin ɗari a wata. Wannan shi ne adadin da ya kamata a ajiye kusa da kashi 4 na ƙungiyar, domin yanzu duka biyun da mudu ɗaya aka auna su. A shekara kuwa, abin da aka tallata a matsayin kashi 36 ya koma wajen kashi 61, na ƙungiyar kuma kashi 48.

Magana ta biyu ita ce ba daidai ba. Akwai bashin da ake lissafa ruwansa a kan ragowar kuɗi amma a daidaita biyan ya zama adadi ɗaya kowane wata, kuma manyan bankuna sun fi amfani da wannan tsarin ga ma'aikata masu albashi. Da ƙungiyar za ta yi wa Nasiru haka a kan kashi 4 ɗin nata, ga yadda ake fitar da biyan:

```
=PMT(4%,12,-600000)
```

Amsar naira 63,931 ce kowane wata. A watan farko 24,000 daga ciki ruwa ne, 39,931 ke rage uwar kuɗi. A na biyu ruwan ya sauko zuwa 22,403 saboda bashin ya ragu, abin da ke tafiya ga uwar kuɗi kuma ya hau zuwa wajen 41,500. Jimillar biyan ba ta motsi, amma abin da ke cikinta yana sauya wuri. Mutumin da ya bi ƙa'idarka zai kalli wannan takardar ya ce filat ce, alhali ba ita ba ce.

Abin da ake dubawa shi ne layin kuɗin ruwa a jadawalin biya, ba layin jimilla ba. Idan ruwan wata na farko da na wata na ƙarshe adadi ɗaya ne, filat ne. Idan ba a ba ka jadawali ba, ka ninka uwar kuɗi da kason da aka faɗa da yawan watanni, in abin da ya fito ya yi daidai da ruwan da ake nema a wurinka gaba ɗaya, to filat ne ko da wane suna aka kira shi.

Bashar

Na karɓi gyara a kan ta biyun, Baba. Amma ka ba mu lamba biyu a kan bashi ɗaya, kashi 5 da rabi da kuma kashi 5.08, kuma tazararsu ba ƙarama ba ce. Ni a ganina na farkon ya fi gaskiya, domin kowa yana iya bin lissafinsa da hannu, kuma idan ka ɗora kashi 5.54 a kan ragowar bashin wata-wata, 216,000 ɗin nan ce za ta fito daidai. Na gwada.

Malam Attahiru

Gwajinka daidai ne, amma tambayoyi biyu daban lambobin suke amsawa. Kashi 5.54 shi ne kason da ƙungiyar za ta sa, a irin tsarinta na biya mai raguwa, kafin ta tara ruwa 216,000. Sai dai a wannan tsarin biyan farko zai haura naira 83,000, alhali a na bankin Nasiru 68,000 kawai zai fitar a watan farko. Wato bankin yana barin kuɗi a hannun Nasiru a farkon shekara yana karɓa a ƙarshenta, kuma kuɗin da suka daɗe a hannun ɗan kasuwa suna da amfani gare shi. Lissafin kwamfutar yana kula da lokacin da kowace naira ta fita, shi ya sa ya ba da 5.08. Ga mai son yanke shawara a tsaye, ko wanne ya ɗauka ya haura kashi 4, hukuncin bai sauya ba. Da a ce ƙungiyar kashi 5.3 ta nema, to a nan ne bambancin zai zama abin zama a tattauna.

Bashar

To ni dai har yanzu na fi natsuwa da wanda zan iya yi da biro a gaban ma'aikacin banki, domin ba zan ce masa ya jira in kunna kwamfuta ba.

Hajiya Luba

Nasiru, ƙanena, ni ba gwanar lissafi ba ce, malamar firamare ce, amma akwai abin da ya same ni wanda ban ga kowa ya taɓo ba. Shekarun baya na karɓi naira 200,000 a wani wurin ba da lamuni don in sayi keken ɗinki da kayan aiki, kashi 4 filat, wata 10, ina biyan 28,000 kowane wata. Bayan na biya wata biyar sai adashinmu ya zo kaina, na ce bari in je in sauke nauyin gaba ɗaya. A lissafina na mayar da rabin uwar kuɗin, saura 100,000. Na ƙulle kuɗina a jaka, na hau Keke Napep cikin rana tsaka, na isa ina murna. Yarinyar da ke kan tebur ta danna kwamfuta ta ce 140,000 ake bina. Na ce ta sake dubawa. Ta juyo mini da takardar da na sa wa hannu, ta nuna mini layin da ya ce ruwan wata 10 ɗin duka ya hau kaina tun ranar da na karɓi kuɗin. Na dawo gida da kuɗina, domin ban ga amfanin in biya da wuri ba tun da ko sisi ba za a rage mini ba.

Kai sana'arka ta lokaci ce. Idan zafin Maris da Afrilu ya kama, ga kuma azumi, kana iya samun abin da za ka rufe bashin tun kafin wa'adi. Ka tambaye su wannan tun yanzu.

Malam Attahiru

Hajiya ta kawo abin da ya fi komai muhimmanci bayan jimillar kuɗi, kuma a nan lissafin yana da wata karkata da ba kowa ke zato ba. Mu ɗauka Nasiru ya so rufe bashin bayan biya na shida. A ƙungiyar ya riga ya biya ruwa na 24,000 da 22,000 da 20,000 da 18,000 da 16,000 da 14,000, wato 114,000, saura uwar kuɗi 300,000, ya biya ta ya tashi, ruwan sauran watannin na naira 42,000 bai hau kansa ba, domin babu ragowar da za a ɗora shi a kai.

A bankin kuwa amsar tana ga abin da takarda ta ce. Idan irin ta Hajiya ce, za su nemi sauran biya shida cif, naira 408,000, ruwan ya tsaya a 216,000, wato ya ninka na ƙungiyar kusan sau biyu. Amma idan sharaɗinsu shi ne a yafe ruwan watannin da ba a shiga ba, to ruwan da ya biya 18,000 sau shida ne, naira 108,000, wanda ya yi ƙasa da 114,000 na ƙungiyar. A wata na bakwai duka biyun suna haɗuwa a 126,000, daga na takwas ne na bankin yake wucewa. Ke nan akwai yanayi ɗaya da maganar Alhaji Haliru take zama gaskiya: idan bankin yana yafe ruwan gaba, kuma Nasiru ya tabbata zai rufe bashin kafin wata bakwai. Ribar da zai samu a nan ba ta wuce 'yan dubbai ba, kuma ni ba zan dogara da alkawarin baki ba, sai na ga sharaɗin a rubuce.

Alhaji Haliru

To ka ga ashe ban faɗi ƙasa warwas ba.

Umaru Goronyo

Ni ma ina da irin wannan matsalar, Malam. Ina noman albasa na rani, kuma wanda yake ba ni kuɗin taki da man injin ban ruwa yana lissafa kashi 3 a wata a kan abin da na karɓa, wata biyar, in biya shi gaba ɗaya idan na kwashe albasa na sayar. Bara naira 300,000 na karɓa na mayar da 345,000. Da na karanta bayaninka sai hankalina ya tashi, ke nan ni ma kashi 5 da wani abu nake biya ban sani ba?

Malam Attahiru

A'a, Malam Umaru, kwantar da hankalinka, naka daban ne. Kai ba ka mayar da ko naira ɗaya daga uwar kuɗin sai a ƙarshe, don haka 300,000 ɗin tana hannunka tana yi maka aiki tsawon wata biyar ɗin duka. Ragowar bashinka a kowane wata ita ce dai 300,000, ruwanta 9,000, sau biyar 45,000. Ko da wace hanya aka lissafa, amsar ɗaya ce, kashi 3 ɗinka kashi 3 ne. Bambancin da muke magana a kai yana fitowa ne kawai inda ake mayar da uwar kuɗi kaɗan-kaɗan amma ruwan bai bi ta ya sauka ba. Ranar da mutumin naka ya ce ka fara kawo wani abu kowane wata ko kowane mako tun kafin albasa ta nuna, kuma ruwan yana nan 45,000, to a ranar ne ka shigo sahun Nasiru.

Malam Shehu

Jama'a, na bi bayanan nan da kyau kuma ban ga kuskure a lissafin ba, amma wajibi ne in tunatar cewa ƙarin da aka sharɗanta a kan bashi riba ne, ko ya tsaya ko ya riƙa raguwa, kuma arharsa ba ta halatta shi. Tun da abin da Nasiru yake bukata kaya ne, batir da faifan sola, me zai hana ya nemi bankin da ba ya mu'amala da ruwa, irin Jaiz da ya fara aiki tun 2012, su sayi kayan su sayar masa ta hanyar murabaha a kan farashin da aka yanke, ya riƙa biya wata-wata?

Malam Attahiru

Allah ya saka da alheri, Malam Shehu. Hukunci naku ne malamai, ba zan sa baki a ciki ba, kuma shawarar ta cancanci Nasiru ya bincika. Abin da zan ƙara ta fuskar lissafi kawai shi ne, ko a murabaha mai saye yana bukatar irin wannan awon idan yana son ya san tsadar abin da ya ɗauka. Da za a sayi kayan a 600,000 a sayar masa a 816,000 ya biya cikin wata 12, abin da zai riƙa fita daga shagonsa 68,000 ne kowane wata, daidai da na bankin farko, ko da yake yarjejeniyar ciniki ce ba bashi da ruwa ba. Don haka ya tambayi farashin ƙarshe da yawan watanni, ya ajiye su kusa da 756,000 da 816,000. Sannan tambayar Hajiya Luba tana nan, domin farashin murabaha yankakke ne tun farko, kuma a iya sanina ragin da ake yi wa wanda ya biya da wuri yana zuwa ne da ganin damar mai sayarwa.

Malam Shehu

Haka ne, ba a sharɗanta ragin a cikin yarjejeniya, kuma malamai sun yi magana mai tsawo a kan wannan. Sai dai ni ban yarda a jera ciniki da bashin ruwa a layi ɗaya a ce wanne ya fi arha ba, kamar abu ɗaya ne.

Nasiru Mai Ƙanƙara

Na gode ƙwarai, iyayena. Yau da safe na koma bankin da tambayoyinku a rubuce a bayan takardar rasit. Ma'aikacin ya buga mini jadawalin, kuma layin ruwan 18,000 ne daga sama har ƙasa kamar yadda Baba Attahiru ya faɗa. A kan biya da wuri ya ce sai ya tambayi manaja. Sannan ya ambaci abin da bai faɗa mini ba a zuwan farko, cewa za a cire kashi 2 cikin ɗari na kuɗin hidima tun kafin a ba ni, wato 588,000 za ta shigo asusuna.

Damuwata yanzu ita ce lokacin. Idan na karɓa a Nuwamba, biya uku masu nauyi na ƙungiyar, 74,000 da 72,000 da 70,000, za su faɗo ne a Disamba da Janairu da Fabrairu, tsakiyar hunturu, lokacin da nake wuni a shago da rigar sanyi ina kallon ƙanƙarar da ba mai tambayarta. A irin waɗannan watannin ko 68,000 ɗin ma da ƙyar ne.

Malam Attahiru

Kuɗin hidimar nan ka lissafa shi a cikin tsadar bashin, domin za ka biya ruwa a kan 600,000 alhali 588,000 ka riƙe. Idan ka sauya lambar ƙarshe a lissafin kwamfutar nan zuwa 588000, kason yana hawa daga 5.08 zuwa wajen 5.4, tazarar da ke tsakanin wuraren biyu kuma ta koma naira 72,000, muddin ita ƙungiyar ba ta da nata cire-ciren. Ka tambaye su su ma, musamman ko suna bukatar ka bar wani ajiya a wurinsu wanda ba za ka taɓa ba sai ka gama biya, domin wannan ma rage abin da ke hannunka yake yi.

Game da hunturu, damuwarka tana kan hanya, domin bashi mai arha da aka kasa biya a kan lokaci yana iya komawa mai tsada idan tarar jinkiri ta hau. Amma ka auna girman abin: nauyin da na ƙungiyar ya fi na bankin a wata ukun nan 6,000 ne da 4,000 da 2,000, jimilla naira 12,000. Ba zan so ka sayi sauƙin 12,000 da 72,000 ba. Abin da na fi so shi ne ka roƙi sakataren su daidaita maka biyan a 63,931 kowane wata, a kan kashi 4 ɗin nasu na ragowar bashi. Ruwan zai ɗan hau zuwa wajen 167,200 maimakon 156,000, saboda uwar kuɗin tana sauka a hankali a farko, amma ka ga tun daga watan farko biyanka yana ƙasa da na bankin da naira dubu huɗu.

Hajiya Luba

In dai irin ƙungiyoyin da na sani ne, Malam, da littafi da biro sakatare yake aiki, kuma raba uwar kuɗi gida 12 shi ne abin da ya iya. Ban ga zai yarda da lissafin da kowane wata sai an fitar da 39,931 da 41,500 da 'yan kai ba. Ni da zan ba da shawara, Nasiru ya jinkirta karɓar kuɗin zuwa ƙarshen Janairu, biyan farko ya faɗo daidai shigowar zafi.

Alhaji Haliru

Hajiya, kafin Janairu wa ya san nawa batir zai koma? Abin da zai tsira da shi a ruwa yana iya tafiya a farashin kaya.

Nasiru Mai Ƙanƙara

Zan sami sakataren bayan la'asar da lambar 63,931 a hannuna in ji ko za su iya. Baba Attahiru, idan ya ce lissafin ya fi ƙarfin littafinsa, ko za ka taimaka ka tsara mana jadawalin wata 12 ɗin a takarda, da ruwan kowane wata da ragowar bashin, in kai masa ya kwafa?

Malam Attahiru

Zan rubuta maka shi yau da dare. Ka turo yaro ya karɓa gobe bayan sallar asuba, kuma ka tambayo mini ranar wata da suke rufe littafinsu, domin in san daga inda zan fara ƙirga watan farko.